Waƙar "Marina": a wane baiti zaren ya tsinke?

Habibu: Assalamu alaikum. Ga wata 'yar waƙa da na rubuta don walimar saukar ƙannenmu a makarantar da na yi karatu. Na so in gode wa malaminmu ba tare da na jera masa kirari ba. Ƙwar huɗu ce, baiti 6. Mutum biyu na karanta wa, dukansu sun ce akwai inda take ɗingishi amma sun kasa nuna mini ƙafar. A feɗe ta har wutsiya, ba zan ji haushi ba.

1
Farin ƙyalle aka ɗauko ni,
Daga hannun inna aka miƙo ni,
Bakin rami aka sauke ni,
Aka ce, malam, ga shi, a rina.

2
Tun kan in zo an haɗa rami,
Baba da toka sun yi tsami,
Ba a tsoma zane a ruwa lami,
Sai wanda ya kwana ya nuna.

3
Tsomi ɗaya ba ya sa launi,
Ya tsoma ni, ya tsamo ni,
Ya matse, ya sake mai da ni,
Tun hantsi har faɗuwar rana.

4
A cikin rami ban ga launi ba,
Kore na fito, ba shuɗi ba,
Ba don iskar waje ta taɓa ni ba,
Da wa zai yarda an rina?

5
Ilimi fitila ce mai haske,
Ta kore duhu, hanya ta miƙe,
Malam rami ne, kullum a cike,
Kowa ya ɗiba, ba ya hana.

6
Daga nan aka kai ni gun mabuga,
Shuni suka zuba suka bubbuga,
Yau ga ni a kasuwa, ni ne riga
Mai sheƙi, ana ta tayina.

Ummi: Masha Allah Yaya Habibu. Gaskiya ta taɓa ni, don kwanaki mun je Ƙofar Mata a Kano, ramuka da yawa a bushe, tsofaffi ne kawai suka rage a bakin aiki. Ya kamata a riƙa irin waɗannan waƙoƙi don kada sana'ar ta mutu. Abin da ban gane ba kawai, me ya kawo maganar ilimi a baiti na 5?

Sagir: Da ma an san za a rina, wai an saci zanen mahaukaciya. Ummi, ba waƙar rini ba ce. Ƙyallen nan Habibu ne da kansa, marinin kuma malaminsa. Kin karanta bayanin da ya yi a sama kuwa?

Ummi: Baitocin na fara karantawa, ban tsaya kan bayanin ba. To amma ranar walima ai babu bayani, waƙar za a ji.

Malama Hadiza: Sagir, kada ka yi mata dariya, kuskurenta ya fi gyaranka amfani. Zan dawo kansa.

Habibu, abin da ka yi shi ne wanda a ajin nazarin waƙa muke ce wa doguwar siffantawa. Da ka ce "ɗalibi kamar ƙyalle ne", da kamance ka yi. Da ka ce "ɗalibi ƙyalle ne" ka wuce, da gajeruwa ce. Kai kuwa ka shiga cikin ƙyallen ka zauna, kana magana da bakinsa har ƙarshe. Irin wannan ba a duba ta da ɗango ɗaya. Yadda nake yi da ɗalibaina shi ne mu raba takarda biyu, gefe guda mu rubuta abin da ke faruwa a marina, ɗaya gefen abin da ke faruwa a makaranta, sai mu bi baiti-baiti muna tambaya: wane sabon abu wannan baiti ya ƙara, kuma kowa yana nan a matsayin da aka ba shi tun farko?

Baiti na 1 ya raba wa kowa aikinsa. Yaro ƙyalle, inna mai kaya, malam marini, makaranta bakin rami. Bai faɗi wani abin mamaki ba, kuma ba a bukatar ya faɗa, harsashi ne.

Baiti na 2 ya koma baya da "tun kan in zo". Nan ne siffantawar ta fara biyan kuɗinta. Ta gaya mana abin da ke cikin ramin ya daɗe ana haɗa shi kafin yaron ya iso, wato malam ma sai da ya yi shekarunsa yana tsumuwa. Ba ka ce "malamina ya yi karatu mai zurfi" ba, amma mun ji.

Baiti na 3 maimaici ne: biya, hadda, tilawa, gobe a sake. Kalmomin ma sun yi aikin, tsoma, tsamo, harafi biyu suka yi musaya, kamar hannun da ke kai da komo.

Har zuwa nan babu inda ka yi tuntuɓe.

Baba Iro: Ni ban san nazari ba, amma a Kura aka haife ni, kakana da ubana duk a karofi suka tsufa. Yaro, wa ya gaya maka maganar baiti na 4? Don gaskiya ce tsantsa. Zane in ka tsamo shi daga rami ba shuɗi yake fitowa ba, wani tsanwa-tsanwa ne mai ruwan ɗorawa. Kana riƙe da shi a hannu, iska na bugunsa, kana kallo yana juyewa shuɗi. Shi ya sa ba a jefa zane a rami a tafi a bar shi. A tsoma, a fitar ya sha iska, a mayar. Wanda ya bar shi a ƙasa yana cewa zai fi kamawa, ɓata lokacinsa ya yi.

Gyara ɗaya nake da shi. Kada ka ce "kore". A wurinmu in ka ce kore, tunanin tsofaffi zai tafi kan rigar nan baƙa wul mai sheƙi wadda aka gama rinawa aka buge. Ka ga ka faɗi kishiyar abin da kake nufi. Ka ce tsanwa.

Habibu: Na gode Baba. Na zauna wajen wani marini yini guda kafin in rubuta, a nan na ga abin da idona. "Tsanwa na fito, ba shuɗi ba." Na karɓa, bai ma taɓa tsawon ɗangon ba.

Malama Hadiza: To ga shi Baba ya ba mu mabuɗin. Baiti na 4 shi ne ƙashin bayan waƙar, kuma ina so a lura da dalili. A baiti uku na farko, abin da muka riga muka sani game da karatu ne aka sa wa rigar marina. Kowa ya san yaro na zuwa bai san komai ba, malam ya riga shi sani, kuma sai an maimaita. A na 4 kuwa marina ce ta koya mana wani abu game da karatu. Launi ba ya bayyana a cikin rami, sai an fita. Wato abin da malam ya zuba maka ba a gabansa ake ganinsa ba, sai ka bar zaurensa, duniya ta taɓa ka. Ka ma iya fitowa kana ganin ba ka samu komai ba, tsanwa kake. Habibu bai ƙirƙiro wannan ya liƙa wa rini ba, a cikin sana'ar ya same shi. Ni a wurina da wannan ake gane doguwar siffantawa mai rai: akwai baitin da abin da aka aro ya faɗi maganar da mawaƙin ba zai iya faɗa da kansa ba in da bai aro shi ba.

Sai kuma ga baiti na 5, kamar an watsa wa mutum ruwan sanyi.

Sagir: Ni fa baiti na 5 ne na fi so. Shi ne ya fito da jigon fili. Kuma ilimi fitila ai magana ce mai kyau, kowa ya san ta.

Malama Hadiza: Kowa ya san ta, shi ne laifinta na farko, amma ba shi ne babba ba. Duba takardar nan tamu mai gefe biyu. Baiti huɗu muna bakin rami da hantsi, hannu a jiƙe. Fitila daga ina? Me ƙyalle zai yi da hanya da ta miƙe? Mai maganar ma ya ɓace, babu "ni" ko ɗaya a baitin, wani mai wa'azi ne ya karɓe lasifika.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. A baiti na 1 an ce "malam, ga shi, a rina", malam mai rini ne. A na 3 shi ne ya tsoma, ya tsamo, ya matse. A na 5 sai aka ce "malam rami ne". To in shi ne ramin, wa ke tsomawa? Kuma ramin ma ya sauya hali: "kowa ya ɗiba". Ba a ɗibar ruwan marina a tafi da shi gida. Rijiya ce ta shigo da sunan rami. Cikin ɗango huɗu an samu fitila, hanya, rijiya, uku ke nan, babu wadda ta san gidan baba.

Habibu: Wallahi Malama kin kama ni. Baitin nan shi na rubuta ƙarshe. Da biyar ne. Na karanta wa matata sai ta ce, to ina malamin yake? Tsoro ya kama ni kada a tashi daga walima ana cewa na zo tallar rini, shi ne na cusa shi.

Malama Hadiza: Ka ga inda na ce zan dawo. Matarka da Ummi abu ɗaya suka gani, kuma suna da gaskiya. In an cire baiti na 5, abin da ya rage yana nuna makaranta kalma ɗaya ce, "malam", ita kuwa ko mai faci a bakin titi ana ce masa malam. Ciwon gaskiya ne, maganin ne ya fi ƙarfinsa.

Malam Ɗanjuma: Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin maganar. Malama, abin da kike bayani malaman balaga sun yi masa suna tun da daɗewa, bari in kawo shi don zai taimaki yaron nan. In ka ari wani abu ka kira wani da sunansa, sannan ka ci gaba da kawo abubuwan da suka dace da wanda ka aro, suna ce wa wannan tarshihi. Misalin da ake fara koya mana a zaure shi ne aya ta 16 a Suratul Baƙara, inda aka ce sun sayi ɓata da shiriya, sai aka bi shi da cewa fataucinsu bai yi riba ba. Saye aro ne. Fatauci da riba kuwa kayan kasuwa ne aka ƙaro don aron ya daɗa ƙarfi. Baitinka na 2, na 3, na 4 duk tarshihi ne, toka, tsomi, iska, kayan marina ne. In kuwa ka juya ka kawo abin da ya dace da ainihin wanda kake nufi, wannan tajridi ne, kuma malamai sun ce tarshihi ya fi shi ƙarfi, domin yana sa mai ji ya manta aro ake yi.

Amma akwai sharaɗi da ba a sarayar da shi: dole a bar wata alama da za ta hana mai ji ya ɗauki maganar a zahirinta. Ita ake kira ƙarina. Ƙarinarka ta yi rauni, shi ya sa 'yata Ummi ta tafi Ƙofar Mata. Ƙarina kuwa ba a yi mata baiti guda. Kalma ɗaya ta isa. A baiti na 1 ka sa allo a hannun innar, ko a na 3 ka ce tun asuba, lokacin da ake tashin yara karatu.

Malama Hadiza: Allah gafarta malam, na yarda da ƙarina, ban yarda da allo ba. Ƙyalle da allo a ɗango ɗaya? An fasa ƙwan tun ba a fara ba. Ni da zan bar baitocin yadda suke, in sa alamar a suna: "Marinar Malam", ko "Godiyar Almajiri". Mai gabatarwa zai faɗi sunan kafin a fara.

Malam Ɗanjuma: Suna yana faɗuwa a hanya, Malama. Waƙa in ta yi daɗi yara za su haddace ta, su kai ta inda ba a san sunanta ba. Abin da ba ya cikin baiti ba ya cikin waƙa.

Sagir: To ni ga tawa matsalar, kuma ta fi ta fitila girma. A Hausa fari alheri ne, farin jini, farin ciki, farar zuciya. Baƙi kuwa kun sani. Waƙar nan ta ce yaro ya zo fari tas, malam ya tsoma shi a rami mai wari, ya fito da duhu. In maƙiyin malamin ne ya rubuta, me zai canza?

Ummi: Kai, Yaya Sagir! Amma fa da gaskiyarsa.

Baba Iro: Ba ka san kasuwar ba ne, ɗana. Farin ƙyalle shi ne mai araha. Kowane tsomi kuɗi ne. Wanda aka yi wa kaɗan ya tsaya shuɗi mai haske, wanda aka yi ta mayarwa har ya yi duhu shi ne na manya. Rawanin ɗan Kura da baƙinsa ake sayensa.

Malama Hadiza: Sagir ya yi rabin gaskiya, kuma rabin nan yana da muhimmanci. Duk abin da ka aro da kayansa yake zuwa, har da waɗanda ba ka aika a kawo ba. Gajeruwar siffantawa tana wucewa kafin a kwance kayan. Doguwa kuwa tana ba mai sauraro lokaci ya zauna ya bincika. Amma ku sake karanta waƙar ku nemo kalmar "baƙi". Babu. Launi ya ce, shuɗi ya ce, sheƙi ya ce. Wari ma kai ka kawo shi, Sagir, shi tsami ya ce, ya kuma bi shi da "ya nuna". Ko da saninsa ko babu, ya rufe ƙofar da kake son shiga.

Malam Ɗanjuma: Kuma ga waɗanda za su zauna a walimar sauka, rini ba baƙon misali ba ne. A cikin Baƙara ɗin dai, aya ta 138, an ambaci rinin Allah, aka ce wa ya fi Allah kyan rini. Duk wanda ya yi karatun tafsiri kunnensa zai kai can kafin ya kai ga baƙin jini.

Sagir: Na sauka daga wannan, amma rabi. A zauren malam ta wuce. A rediyo ban sani ba.

Tun da an zo nan bari in kawo tawa. Na taɓa yin wata a kan aure, na ce aure mota ne. Baiti ɗaya haƙuri birki, ɗaya soyayya fetur, ɗaya surukai fasinja, ɗaya kuɗi taya. Na kai baiti bakwai, babu inda na fita daga mota, amma duk wanda na karanta wa sai ya yi dariya a na biyu, a na huɗu ya fara duba waya. Ban karya dokar Malama ba ko ɗaya. Me ya faru?

Malama Hadiza: Gwada wannan: ɗauki baitin birki ka kai shi ƙarshe, ka kawo na taya farko. Wani abu ya lalace?

Sagir: Babu. Ko ta ina aka fara daidai ne.

Malama Hadiza: To motarka a fake take, kana zagaya ta kana nuna mana sassanta. Da mai sauraro ya gane wasan a baiti na biyu, sauran zai iya cikewa da kansa. Yanzu gwada da ta Habibu. Kai na 4 gaban na 3, za a tsamo zanen da ba a tsoma ba. Kai na 6 farko, za a buge farin ƙyalle. Ba ta yarda a taɓa ta, domin rini aiki ne mai gaba da baya, shi ya ba waƙar ƙafafun tafiya. Baiti ɗaya ne kawai za ka iya ɗagawa ka ajiye ko'ina, ko ka jefar, ba abin da zai motsa. Kun san shi. Kai kuma in kana son taka ta tashi, tayar da motar: a yi lodi a tasha, a kama hanya, taya ta fashe a dajin da babu mai faci, mu ga wa zai sauka ya tura.

Laminu Damagaram: Sannunku da hira. Ni baiti na 6 ne ya tsaya mini. Duka waƙar godiya ce, sai ta ƙare a kasuwa ana tayin mutum. Malam ya yi wahalar nan duka don a sayar da ɗalibi? Ga kuma bugu. A gaban iyaye za ka tashi ka ce sai da aka bubbuge ka ka yi sheƙi?

Malama Hadiza: Ka riga ni, Laminu. Ni bugun ne ya fi damuna. Rabin mutanen da za su zauna a wurin suna da tabon bulala a baya. Za su ji baitin a matsayin an wanke dorina.

Habibu: A nan kam zan kare kaina. Ban ce malam ya buge ni ba. "Aka kai ni gun mabuga" na ce. Wasu mutane ne daban, bayan an gama rini. Wahalar duniya nake nufi, neman aiki, zama da mutane.

Baba Iro: Yaron ya yi daidai. Marini daban, mabugi daban, kowa da rumfarsa. Su suke shimfiɗa zane a kan gungume, su zuba shuni, su yi ta dukansa da sandunansu har ya ɗauki ido. Amma bari in ƙara muku wani abu, ku masu nazari ku san yadda za ku yi da shi. Sheƙin bugu na sama ne. Ranar da aka wanke rigar ya tafi, sai an sake mayar da ita. Abin da rami ya sa shi ne ba ya fita.

Malama Hadiza: Baba, wannan ai baiti ne guda ka ba shi kyauta. Habibu, ka ji? Sana'ar da ka aro tana cewa aikin malam ya fi na mabuga daɗewa, kai kuma ka ƙare waƙarka kana yabon sheƙi. Na yarda a kan takarda ba ka ɗora wa malam sanda ba. Amma kunne ba ya bin takarda, "bubbuga" zai ji. Ban janye ba.

Laminu Damagaram: In ni ne, ba a kasuwa zan tsaya ba. Mu nan muna ganin Buzaye da ke saukowa daga Agadas da rawunan turkuɗi. Shunin yana zuba a goshinsu da kumatunsu, kuma ba sa ƙin haka, ado ne. Zanen da aka rina shi ma yana rina wanda ya sa shi. Ɗalibi ya zama mai ba da launi. Nan ya kamata zaren ya kai.

Sagir: Amma Baba yanzu ya ce na sama ne ke zuba. Ke nan abin da ɗalibin zai ba wasu shi ne na mabuga, ba na malam ba. Ka ga ta sake kwancewa.

Laminu Damagaram: Kai dai Sagir ba a gama gini kana wurin.

Baba Iro: Ku bar wannan, ga wanda ya fi. A baiti na 2 ya ce baba da toka, ya manta katsi. Idan rami ya gaji, ana kwashe abin da ya kwanta a ƙasansa, a shanya, a ƙona, shi ne katsi, da shi ake haɗa sabon rami. Kowane rami da ragowar na gabansa a cikinsa.

Malam Ɗanjuma: Allahu akbar. Wannan ai silsila ce, malam daga malaminsa, shi ma daga nasa. Habibu, "Baba da katsi sun yi tsami". Kalma ɗaya ka musanya, ka sa malaman malaminka duka a cikin ramin.

Ummi: Allah gafarta malam, ni fa yau na fara jin katsi. In an rera a walima zan ɗauka sunan mutum ne, tun da ga Baba a kusa da shi.

Habibu: Ummi kin sa ni dariya ni kaɗai a ɗaki. Katsi zan yi tunani. Amma na cire baiti na 5, ga wanda na sa a gurbinsa. Na tuna hannun marinin da na zauna wurinsa:

Dubi hannun da ya tsoma ni,
Har farcensa ya koma shuni,
Bai fita fes ba da ya rina ni,
Abin da ke hannunsa ke jikina.

Malama Hadiza: Yanzu ka dawo gida. Malam ya koma marini, "ni" ya dawo, kuma an ƙara abin da ba a faɗa ba a baya: aikin ya ci mai yinsa, launinku ɗaya. Ya ma rage matsalar Ummi, don ƙyallen da ke cewa a dubi hannun wani da irin wannan murya, mai ji zai fara zargin ba ƙyalle ba ne.

Sagir: Hannu da shuni? Habibu, malamin makarantar allo kake cewa mai hannu da shuni a gaban jama'a? Wallahi ana tashi za a bi shi gida neman rance.

Habibu: Innalillahi. Ko kaɗan ban gani ba. "Har farcensa ya sauya launi." Ya yi?

Malama Hadiza: Ya yi, amsa-amon ma bai motsa ba. Yau Sagir ya ci abincinsa. Sai dai wurin zamansa: in ka bar shi na 5, mabuga da kasuwa ne za su rufe waƙar. In ka kai shi ƙarshe, a kan hannun malam za a tashi.

Malam Ɗanjuma: In ya kai shi ƙarshe ya karya tsarin da kika yabe shi da shi. An bar marina an tafi gun mabuga, sai a sake komowa?

Malama Hadiza: Baiti na 2 ma waiwaye ne, kuma bai ɓata komai ba. Riga tana iya tuna marina.

Habibu: Walimar sai Asabar ta sama. Zan rera ta iri biyu in turo murya gobe da dare, ku ji wadda ta fi zama a kunne. Baba Iro, kafin nan, rami in an haɗa shi da me kuke gane ya nuna? Ina jin ɗangon ƙarshe na baiti na 2 zai iya fin haka.

Baba Iro: Da kumfar da ke tasowa in an motsa shi da muciya, da kuma hanci. Kira ni bayan la'asar, wannan ba ta rubutu ba ce.